Kwantiragi ya kusa ƙarewa: tambayoyi da amsoshi kan tuna wa kwastoma ya sabunta

Tambayoyin nan su ne ake ta maimaita min, musamman daga masu aikin kulawa na shekara-shekara, irin masu sabis ɗin janareta, masu kula da na'urorin sanyaya ɗaki, masu gadi, masu share ofis da masu kula da kwamfutoci. Don kada magana ta watse zan riƙe misali guda ɗaya har ƙarshe: a ce kai ne kake kula da janaretan wani ofishi, kwantiragin shekara ɗaya ne, ya fara 1 ga Yuli zai ƙare 30 ga Yuni, a ciki an rubuta za ka yi sabis sau 4 a shekara, in an kira ka kan matsala za ka iso cikin awa 4, kuma duk wanda baya so a ci gaba sai ya sanar da ɗan'uwansa a rubuce kwana 60 kafin ranar ƙarewa. Ko aikinka ba janareta bane lissafin ɗaya ne, sai ka cire ka saka naka.

Yaushe ya kamata in fara tuna masa? Sati biyu kafin ya ƙare ya isa?

Bai isa ba sam, kuma nan ne mafi yawan mutane suke faɗuwa. Kowa idonsa yana kan ranar ƙarewa, wato 30 ga Yuni, alhali ranar da ta fi ta nauyi ita ce ranar ƙarshe ta ba da sanarwa. Ka ƙirga kwana 60 baya daga 30 ga Yuni, za ka sauka kan 1 ga Mayu. Toh duk kwastoman da ya san abin da yake yi kafin 1 ga Mayu ya riga ya yanke shawara, in zai bar ka ya riga ya karɓi farashin wasu mutum biyu ko uku ya kwatanta, kai kuma kana can kana jiran tsakiyar Yuni ka turo saƙon "muna tunatar da ku", sai ka tarar aikin gama ya gama, har an yi wa wani alƙawari.

Saboda haka daga 1 ga Mayu ake fara lissafi, a ƙara komawa baya kwana 30, sai ka samu 1 ga Afrilu. Ranar ce takardarka ta farko ya kamata ta isa hannunsa, kwana 90 kenan cif kafin ƙarewa. Bayan sati biyu ka bi sawu da waya, sannan kamar kwana 7 kafin 1 ga Mayu ka sake tura gajeren saƙo mai ɗauke da ranar ƙarara. Sau uku kenan, kuma a ganina ya wadatar, wanda ya wuce haka ya fara zama naci.

In babban kamfani ne ko ma'aikata mai matakai da yawa, ka ƙara wata guda a kan wannan, domin takarda a irin waɗannan wurare tafiyar hawainiya take yi, daga tebur zuwa tebur.

To ni nawa kwantiragin babu maganar kwana 60 ɗin nan, ya zan yi?

Ka fara ɗauko takardar ka karanta tukuna, kar ka dogara da abin da kake tunawa, sau da yawa sharaɗin yana nan a shafi na ƙarshe-ƙarshe inda ido ya riga ya gaji. Abu uku kake nema: ranar ƙarewa, abin da zai faru in ranar ta zo kowa ya yi shiru, da kuma hanyar da aka ce a bi wajen ba da sanarwa.

In da gaske babu wa'adin sanarwa, to kwantiragin naka mai mutuwa ne da kansa, ranar 30 ga Yuni ya ƙare shikenan babu wanda ke bin wani bashin bayani. Wannan ya fi ma haɗari gare ka, don kwastoma baya buƙatar ya ce maka komai, shirunsa kawai ya isa ya raba ku. A nan sai ka ƙirga kwana 60 zuwa 90 baya daga ranar ƙarewar kanta, lokacin ne za ka fara tuna masa.

Wani abu kuma da ake mantawa, ka duba ko kwanakin kalanda aka rubuta ko kwanakin aiki. Kwana 60 na aiki sati 12 ne a wurin da ake aiki kwana biyar a sati, ka ga ranar sanarwa ta tashi daga 1 ga Mayu ta koma wajen 7 ga Afrilu, ba a ma cire ranakun hutu ba. Bambancin fiye da sati uku ne daga kalma guda.

Kwantiragin namu yana sabunta kansa in ba wanda ya yi magana. Ba gara in yi shiru ba har ranar ta wuce?

Na san dabarar, kuma na san tana ja, amma ban yarda da ita ba. Eh za ka iya cin shekara ɗaya a haka. Sai dai ranar da takardar biyan kuɗi ta sabuwar shekara ta isa wurin akanta ya je ya tambayi manaja "wa ya amince da wannan?" manaja ya ce shi bai sani ba, daga ranar ka zama mutumin da ya yi musu wayo. Kuɗin naka za a riƙa jan ƙafa wajen biya, duk ƙaramin kuskure a rubuta shi, kuma shekara mai zuwa tun watanni shida kafin lokaci za su aiko maka da takardar sallama don kada ka sake.

Banda haka akwai wuraren da doka ma ta hana wannan shirun. A Faransa, dokar da ake kira dokar Chatel ta 2005 ta wajabta wa mai ba da hidima ya sanar da mai saye, wanda ba don kasuwancinsa ya saya ba, a rubuce cewa yana da damar ƙin sabuntawa, tsakanin wata uku zuwa wata ɗaya kafin wa'adin ƙin ya cika, in bai sanar ba mai sayen yana iya fita kyauta duk lokacin da ya ga dama bayan an sabunta. A jihar New York ta Amurka kuma akwai doka kan kwantiragin hidima da kulawa da gyara, wadda ta ce sharaɗin sabuntawa da kansa ba ya hawa kan kwastoma sai an ba shi sanarwa a rubuce, hannu da hannu ko ta wasiƙa mai rajista, tsakanin kwana 15 zuwa 30 kafin wa'adin sanarwarsa. Kowace ƙasa da nata tsarin, don haka ka tambayi lauya a inda kake, amma ko babu doka a kanka ka faɗa masa. Mutumin da ka ce wa "ga ƙofa a buɗe har 1 ga Mayu" kuma ya zauna, shi ne naka na gaske.

Me zan rubuta a matsayin dalilan da za su sa ya ci gaba da ni?

Nan ne ainihin maganar, bari in ɗan zauna a kanta.

Abin da aka saba gani shi ne "muna da ƙwararrun ma'aikata, muna ba da ingantacciyar hidima, gamsuwarku ita ce burinmu". Wannan ba dalili bane, domin wanda yake neman ƙwace maka aikin shi ma daidai haka ya rubuta a tasa takardar, har ma ya fi ka iya tsara zance. Abin da kake da shi wanda shi ba shi da shi guda ɗaya ne tak: watanni tara da ka yi kana taɓa injin nan da hannunka. Daga nan dalilanka za su fito, ba daga bakinka ba.

Dalili na farko shi ne aikin da ka riga ka yi. Ka ɗauko littafin aiki, ko katin da makanikenka yake cikewa duk zuwa, ka zauna ka ƙirga. A misalinmu, zuwa ƙarshen Maris, a ce ka tarar injin ya yi awa 740 yana aiki, an yi sabis 3 cikin 4 kowanne a kan lokacinsa, an canza baƙin mai da filta, an kira ku kan matsala sau 7, sau 6 kun iso kafin awa 4, sau ɗaya kuma sai da kuka yi awa 9. Sannan a sabis na biyu yaronka ya lura fanbel ya fara tsagewa ya canza shi tun bai tsinke ba. Wannan na ƙarshen shi ne zinariya, don kwastoma bai ma san an yi ba, shi dai ya ga wuta ba ta ɗauke ba. Matsalar aikin kulawa kenan, in ka yi shi da kyau ba a ganinsa, sai mutum ya fara tunanin "wai me ma muke biyan mutanen nan, injin ai lafiyarsa ƙalau". Sai ka nuna masa da kanka cewa da fanbel ɗin nan ya tsinke injin yana tsakar aiki, fanka ta tsaya, ruwan lagireto ya tafasa, in an yi sa'a injin ya kashe kansa in ba a yi ba a ƙone gasket, aikin minti talatin ya koma na kwanaki.

Dalili na biyu yana gaba ne, ba a baya ba: me ke tafe a shekara mai zuwa wanda kai ka sani? A ce batirin tayar da injin ya shiga shekararsa ta uku, ka san irin waɗannan a nan ne suke fara ba da kunya, ka rubuta cewa kana ba da shawarar a canza shi a sabis na farko na sabuwar shekara. Wannan yana nuna masa kana da tarihin injin a kai, sabon mutum kuwa sai ya fara daga farko, ya zo ya duba, ya yi ta tambaya, watakila ma sai abin ya lalace sannan ya gane.

Dalili na uku shi ne abin da zai rasa ranar 1 ga Yuli in ba a sabunta ba, kuma ka faɗe shi a sanyaye ba da barazana ba: alƙawarin isowa cikin awa 4 ya faɗi, in ya kira zai shiga layi kamar kowa, kuma kowane zuwa sai an yi cinikinsa daban. Gaskiya ce kawai kake faɗa.

Uku ɗin nan sun isa. In ka jera goma, masu ƙarfin za su nutse cikin marasa ƙarfi.

Wancan zuwan da muka yi latti na awa 9, in saka shi ko in ɓoye?

Saka shi. Kai kana iya mantawa amma shi bai manta ba, shi ne ya zauna a ofis babu wuta ma'aikata suna kallonsa. In takardarka ta zo da yabon kai zalla, abu na farko da zai faɗo masa a rai shi ne ranar nan, kuma daga nan sauran alƙalumanka duka sun zama abin zargi. Layi biyu ya wadatar: abin da ya faru, da abin da ka canza. Misali makanike ɗaya ne ke riƙe da layin kiran gaggawa kuma yana wani aiki mai nisa, yanzu an mayar da su biyu. In kuma ba ka canza komai ba, to ka canza kafin ka rubuta, kar ka yi ƙarya a takarda.

Za a iya ba ni samfurin saƙon?

Ga yadda ni zan rubuta na farkon, na ranar 1 ga Afrilu:

Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina tuna maka cewa kwantiragin kula da janaretanku zai ƙare ranar 30 ga Yuni, kuma bisa sharaɗin da ke cikinsa, ranar 1 ga Mayu ce ta ƙarshe da ɗayanmu zai sanar in ba ya son a ci gaba. Mu a namu ɓangaren muna son mu ci gaba da aiki da ku.

Daga Yuli zuwa yau injin ya yi awa 740, mun yi sabis 3 a kan lokaci, na huɗu yana tafe a watan Yuni. Kun kira mu sau 7, mun iso cikin awa 4 a guda 6. Na watan Nuwamba mun makara har awa 9, laifinmu ne, tun daga lokacin muka mayar da masu amsa kiran gaggawa mutum biyu. A sabis na biyu mun canza fanbel da ya fara tsagewa kafin ya tsinke. A shekara mai zuwa muna ba da shawarar a canza batir a sabis na farko, domin ya shiga shekara ta uku.

Na haɗo da takardar sabuntawa, sharuɗɗan duk suna nan yadda suke. In babu damuwa zan kira ka ranar 15 ga Afrilu mu ji ko akwai abin da kake so a gyara. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ka lura ranakun biyu suna sakin layi na farko, don mai karantawa a waya watakila iyakar inda zai kai kenan. Kuma abu ɗaya aka roƙa a ƙarshe, ba a bar shi da "muna jiran amsarku" ba, wanda ba ya ɗaure kowa. A kan saƙon, wurin take, ka rubuta abin da ake ciki da rana, kamar "Sabunta kwantiragin janareta, wa'adi 1 ga Mayu", ba "Tunatarwa" kawai ba.

Zan ƙara farashi a sabuwar shekara. In faɗa tun a saƙon farko ko in bari sai ya amince tukuna?

Tun a na farko, kuma kafin wa'adin sanarwa. In ka bari 1 ga Mayu ta wuce sannan ka fito da ƙari, ka ɗaure shi ne sannan ka faɗa masa, kuma in kwantiragin mai sabunta kansa ne bisa sharuɗɗan da, babu mamaki ma ba ka da ikon ƙarawa sai in akwai sharaɗin da ya ba ka wannan damar. Ka duba wannan da kyau kafin ka buɗe baki.

Wajen faɗa kuma kar ka yi ta kewaye-kewaye. Ka ce ƙarin kashi 8 cikin 100 ne, ka faɗi inda ya fito, misali mai da filta sun tashi kuma ka ƙara mutum a kiran gaggawa, ka ajiye shi bayan ka gama lissafa aikin shekara ba kafinsa ba. Kuma a cire layin nan na "sharuɗɗan suna nan yadda suke" daga samfurin, a ce komai yana nan banda farashi.

Ya ce wani ya yi masa farashi ƙasa da nawa. In rage?

Kar ka yi saurin ragewa, fara da tambaya. Ka ce masa "yallaɓai, a ba ni in ga abin da ke cikin nasu", ba sunan kamfanin kake nema ba, abin da aka yi alƙawari kake son gani. Sau nawa za su zo a shekara, kayan sabis a kansu yake ko a kansa, akwai awannin isowa a rubuce ko dai "za mu zo da wuri" ne, dare da ranakun hutu suna ciki? Sau da yawa a nan arahar take ɓuya, kamar yadda ake cewa araha ba ta ado.

Ka kuma yi wannan lissafin kafin ka yi alheri da abin da ba ka da shi. A ce cikin kowane 100 da yake biyanka 75 yana tafiya a kayan aiki da albashi da zirga-zirga, ribarka 25 ce. In ka rage masa kashi 10, kuɗin da kake kashewa bai motsa ba, yana nan 75, ribar ta koma 15. Shi a idonsa ɗan kashi 10 ka sauke, kai kuma kashi 40 na ribarka ne ya tafi. Don haka in dole sai an rage, a rage da musaya: ya sa hannu na shekara biyu, ko ya biya gaba ɗaya a farko, ko a mayar da awa 4 zuwa awa 8. Ragin da aka yi a banza koya masa kake yi cewa farashinka na da can da ƙari a ciki, baɗi ma haka zai zo maka.

Wa zan aika wa? Mutumin da muke hulɗa da shi kullum?

Shi da wani. Wanda yake kiran ka in injin ya ƙi tashi sau da yawa ba shi ke sa hannu ba, kuma mai sa hannun ba shi ke fitar da kuɗi ba. Na taɓa yin wannan kuskuren da kaina, na yi ta tura saƙo ga jami'in da muka saba, yana ce min "ba komai, an gama, kai dai kwantar da hankalinka", ashe maganar ba ta taɓa wuce teburinsa ba, aka rufe kasafin kuɗin shekara babu mu a ciki, sai da muka yi wata biyu muna jiran a nemo kuɗi daga wani layin. Ba mugunta ya yi ba, shi ma a zatonsa haka abin yake.

Tun daga nan tambayar da nake yi a wayar bin sawu ita ce: "bayan kai wa kuma zai duba kafin a sa hannu, kuma yaushe kuke rufe kasafi?" Sannan ka duba kwantiragin, in an rubuta sunan ofishi ko adireshin da za a riƙa kai sanarwa, can za ka kai ta a hukumance, saƙon waya ya zama ƙari ne kawai. Amma kar ka tsallake mutuminka ka tafi wurin oga kai tsaye ba da saninsa ba, zai ji ka raina shi, kuma shi za a tambaya ya aikinka yake.

Imel, waya ko takarda?

Rubutu don hujja, waya don jin gaskiya. A rubuce ba wanda zai ce maka "gaskiya yaronka na ƙarshe bai da ladabi", amma a waya zai faɗa. Duk abin da kuka amince a baki kuma ka biyo shi da rubutu a ranar.

Na tura sau biyu shiru, ya zan gane ko tafiya zai yi ko aiki ne ya yi masa yawa?

Shiru kaɗai ba ya nuna komai, mutane suna da abin yi. Alamomin da nake dubawa daban ne. In kwatsam aka ce ka turo kwafin kwantiragin, ko aka nemi cikakken tarihin sabis da lambar injin da jerin kayan da aka canza, to akwai wanda ake shirya wa bayani don ya yi farashi. In makanikenka ya dawo ya ce ya ga wasu baƙi suna zagaya injin suna ɗaukar hoto, ba sai an faɗa maka ba. Haka in an canza manaja, sabon shugaba yakan so ya sake duba duk abin da ya gada, kuma shi bai san ranar da ka fito cikin dare ka tayar musu da inji ba, a wurinsa kai layi ne a takardar kashe kuɗi. Irin wannan ba saƙo ake tura masa ba, zuwa ake yi a gaisa a ba shi tarihin a shafi ɗaya.

In ka ga alamun, ka tambaya kai tsaye cikin ladabi: "ranka ya daɗe, ko kuna duba wasu ne? In haka ne ba laifi, ina so ne in san abin da ya gaza daga wajenmu." Mafi yawa za su faɗa maka, kuma ko ba ka riƙe shi ba ka samu abin da za ka gyara.

Ranar ta wuce bai sa hannu ba, amma yana ta kira muna zuwa. Akwai matsala?

Akwai, kuma babba. Yanzu a kan wane sharaɗi kuke? Kai kana ganin sabon farashi, shi yana ganin tsohon, in wani abu ya lalace a hannun yaronka ba a san ko iyakar diyyar da aka rubuta a tsohon kwantiragi tana aiki ba. A wurare da yawa in aka ci gaba da aiki ana biya, ana iya ɗauka akwai yarjejeniya ko ba a rubuta ba, sai dai tsawonta da sharuɗɗanta su ne abin rigima, kuma ba ka son sai a gaban alƙali za ka san amsar. Ga kuma akanta da zai iya cewa ba shi da takardar da zai dogara da ita ya biya ka aikin Yuli.

Maganin mai sauƙi ne, takardar tsawaitawa ta shafi ɗaya: kwantiragi mai kwanan wata kaza an ƙara masa kwana 30, daga 1 zuwa 30 ga Yuli, bisa sharuɗɗansa na da, kowa ya sa hannu. Manajan da ba zai iya amincewa da shekara guda shi kaɗai ba sau da yawa yana da ikon amincewa da wata ɗaya. Ka shirya ta tun tsakiyar Yuni in ka ga abin yana jan ƙafa, domin tsawaita abin da ke raye ya fi sauƙi a kan tayar da wanda ya riga ya mutu.

Kwastomomina sun kai talatin, ya zan riƙe duk ranakun nan?

Ba sai ka sayi wata manhaja ba. Buɗe Excel ko Google Sheets, kowane kwastoma layi ɗaya, ranar ƙarewa a C, kwanakin sanarwa a D, in babu wa'adin sanarwa ka rubuta 60 a wurin, sai ka saka wannan a E ya fitar maka da ranar saƙon farko:

```
=C2-D2-30
```

In kwanakin aiki ne aka rubuta a kwantiragin, wannan zai ba ka ranar wa'adin sanarwa, sai ka cire 30 daga abin da ya fito:

```
=WORKDAY(C2,-D2)
```

In ka ga wata lamba mai tsawo ta fito maimakon rana, ba kuskure bane, gidan ne ba a saita shi a matsayin kwanan wata ba. Ka jera layukan bisa E, ka riƙa leƙawa duk farkon sati. Kuma ranar da aka sa hannu ake cike layin, ba sai an tuna ba.

In ya ce a'a fa, ya riga ya yanke?

Ka karɓa ba tare da ɓata rai ba, ka nemi ya ba ka a rubuce don lissafi ya fita. Sabis na huɗu da ya rage a watan Yuni ka yi shi kamar yadda ka yi na farko, an riga an biya shi. Ka miƙa musu tarihin injin cikakke, awanni da ranakun sabis da kayan da aka canza, har da maganar batirin nan, ka karɓi sa hannun wanda ya amsa, ka mayar da makulli ko katin shiga in akwai a hannunka. Sannan ka koma kan jadawalinka, kar ka goge layinsa, in sabon kwantiragin nasu na shekara ɗaya ne daga 1 ga Yuli to ka san wajen yaushe za su sake zama kan maganar, sai ka saka 1 ga Maris mai zuwa a matsayin ranar da za ka kira ka gaishe shi ka tambayi lafiyar injin.